Sanarwar Gasar Ƙwallo a Ƙasar Rano da Kibiya: Abin da Ya Wajaba Ta Ƙunsa

Shirinmu na yau ya nufi kudancin Jihar Kano, ƙasar Autan Bawo, inda Rano da Kibiya suke maƙwabtaka, kuma inda da zarar an kau da amfanin gona, filaye sun bushe, za ka fara ganin hoton kofi manne a bangon shago ko yana yawo a wayoyin samari, da 'yan layuka a ƙarƙashinsa masu shelar cewa za a buɗe gasa ranar kaza, rajista naira kaza, wanda ya zo na ɗaya zai tafi da kaza. Waɗannan 'yan layuka, waɗanda galibi akan rubuta su cikin gaggawa ba tare da an zauna an yi shawara ba, su ne alkawarin da ke tsakanin kwamitin gasa da ƙungiyoyi, kuma mafi yawan husumar da ke tashi ranar wasan ƙarshe, in ka bi asalinta, za ka tarar tana cikin wani sharaɗi da sanarwar ta yi shiru a kansa.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Ƙaramar hukumar Rano tana da mazaɓu 10, irin su Lausu da Madachi da Saji da Zurgu, Kibiya ma tana da 10, irin su Durba da Fammar da Nariya da Tarai. A ƙaddara cewa wani kwamiti ya yi niyyar kowace mazaɓa ta kawo ƙungiya ɗaya, ƙungiyoyi 20 ke nan, sa'an nan ya rubuta cewa za a gama cikin mako biyu. To, ko lissafi ya yarda da wannan magana? Idan tsarin sili-ɗaya-ƙwale za a bi, dole ƙungiyoyi 8 su fara karawa a wasanni 4 na share fage, 12 su jira, domin a sami 16, kuma jimillar wasannin 19 ne, na neman matsayi na uku ya cika 20. Idan kuwa rukuni-rukuni za a yi, rukuni 4 masu ƙungiya 5 kowanne, to, kowane rukuni wasa 10 ne, 40 ke nan, in aka ƙara 8 na sauran zagayen har zuwa na ƙarshe, haɗe da na neman matsayi na uku, suka zama 48.

Abin lura a nan shi ne, a filin gari wanda ba shi da fitila, kuma 'yan wasansa manoma ne da ɗalibai da masu sana'a, wasa ɗaya ne rak yake yiwuwa a yini, domin lokacin da ake da shi bai wuce tsakanin La'asar da Magariba ba; a lokacin hunturu kuwa, da rana ke faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe 6, wasan da aka take da ƙarfe 4 da kwata, mai minti 90 da hutun minti 15, da ƙyar zai ƙare kafin ladani ya ɗaga murya. Saboda haka wasa 48 a fili ɗaya kwana 48 ne, kusan mako bakwai, ba tare da an cire ranar kasuwa ko ranar da aka yi rasuwa a gari ba. In an raba wasannin rukuni tsakanin fili a Rano da fili a Kibiya, kwana 40 ya koma 20. Mai hankali ba ya rubuta ranar rufewa sai ya yi wannan hisabi, ya kuma duba kalandar Hijira don kada azumin Ramadan ya riske shi a tsakiya. Kuma tun da babu sararin ƙarin lokaci, wajibi ne a faɗa tun a sanarwa cewa in an tashi kunnen doki a zagayen fitarwa, kai tsaye bugun fenareti za a tafi.

Batun rajista ba ya bukatar dogon bayani, illa abu guda wanda shi ne uwar fitina, wato sojan haya. Ƙungiya takan fara gasa da 'ya'yan garinta, amma da ta kai wasan kusa da na ƙarshe sai a ga baƙin fuskoki an ɗauko su daga birnin Kano da mota. Maganinsa shi ne sanarwa ta ambaci ranar rufe rajista, wadda ta riga ranar jefa ƙuri'ar haɗa wasanni, ta ƙayyade adadin 'yan wasa, a ce 20, kowanne da hotonsa a kan fom, ta kuma fayyace ko an halatta baƙi, in an halatta, nawa ne. Bayan rufewa ba a ƙara suna, ko da na ɗan gidan shugaban kwamiti ne. Gasar da aka sa wa iyakar shekaru kuwa, a faɗi takardar da za a karɓa a matsayin hujja, domin kallon gemu ba shaida ba ne.

Sai kyauta, inda muke so mu ɗan dakata. A ce kowace ƙungiya ta biya naira 10,000, abin da ya shiga hannun ma'aji 200,000 ne. Daga ciki za a sallami alƙalin wasa da mataimakansa biyu a kowane wasa, a sayi ƙwallaye da raga, a zana fili, a tanadi ruwa da kayan taimakon gaggawa. In sallamar alƙalai kaɗai naira 3,000 ce a wasa, wasa 48 ya cinye 144,000. To, kwamitin da ya buga cewa na ɗaya zai karɓi 300,000, daga wace taska zai fito da ita? Amsar da aka saba ji ita ce wani mai hali ya yi alkawari, alhali alkawarin ɗan siyasa, musamman wanda aka yi a kakar zaɓe, bai zama kuɗi ba sai ya shiga hannu. A ganinmu, kada a rubuta adadin da ba a riga an damƙa shi amana ga wani dattijo da kowa ya yarda da shi ba, domin kyautar naira 50,000 da aka miƙa a fili a gaban jama'a ta fi ta 300,000 da za a yi wata uku ana bin bashinta.

Akwai kuma fuska ta shari'a da bai kamata a tsallake ba. Malamai da yawa suna ganin cewa kyautar da aka tara daga aljihun masu fafatawa, wani ya ci wasu su yi hasara, tana da shubuhar caca, alhali wadda ta fito daga hannun wanda ba ya cikin gasar ba ta da wannan illa. Mafita mai sauƙi ita ce a bayyana cewa kuɗin rajista na hidimar gasa ne, kyauta kuma daga mai ɗaukar nauyi take, a ambaci sunansa. Haka nan a faɗi ko kofin na riƙo ne a dawo da shi baɗi, ko na mallaka ne.

Kiranmu ga shugabannin ƙungiyoyi, daga Rurum har Kahu, shi ne kada wanda ya miƙa kuɗin rajista sai ya ga ranar buɗewa da ta rufewa, da sunan fili, da dokar baƙi, da sunan wanda kyauta ke hannunsa, duk a rubuce, ya kuma karɓi rasiti.