Tambayar da ba ta neman labari: iyakar gaisuwa a Hausa

Gaisuwar Hausa cike take da tambayoyi. Ana cewa ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ina gida, ina labari. Wanda bai san harshen ba zai ɗauka bincike ake yi. Amma kowace daga cikinsu tana da amsar da aka riga aka tanada: lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya, gida lafiya, sai alheri. Mutumin da ya wuni yana noma zai ce ba gajiya, wanda kuma ya zo da saƙon rasuwa zai fara da sai alheri, kuma babu mai kiran ɗayansu maƙaryaci.

A shekarar 1923 Bronislaw Malinowski, wanda ya yi bincike a tsibiran Trobriand, ya ware irin wannan magana da suna na musamman, wanda za mu iya kira zancen sada zumunci. Aikinsa shi ne ya tabbatar da cewa tsakanin mutum biyu akwai zaman lafiya. Saboda haka siffarsa ta tambaya ce, amma ba ya ɗora wa wanda aka gaisar nauyin bayyana halin da yake ciki.

Iyakar tana bayyana idan aka kwatanta jimloli biyu masu kama da juna. "Ina yara?" gaisuwa ce, domin "suna lafiya" ta wadatar, ko da wanda aka tambaya ba shi da ɗa ko ɗaya. "Yaranki nawa?" kuwa tana neman adadi, ba ta da amsar da aka tanada. Ma'aunin ke nan: duk tambayar da "lafiya lau" ko "alhamdu lillahi" ba za ta iya rufe ta ba, ta fita daga gaisuwa ta shiga bincike.

Mu ɗauki misali. Wata matashiya ta haɗu da tsohuwar maƙwabciyarsu a tashar mota, ta rusuna ta gaishe ta.

"Inna, ina wuni?"
"Lafiya lau, ɗiyata. Ina gida?"
"Lafiya lau."
"Ina maigidan naki? Na ji an ce kina gidanku."
"Alhamdu lillahi, Inna."
"To, har yanzu shiru? Ba ki samu ƙaruwa ba?"
"Alhamdu lillahi."

Layuka uku na farko gaisuwa ce cikakkiya. A na huɗu Inna ta fara da siffar gaisuwa, sannan ta liƙa mata jita-jita mai neman tabbaci. Amsar matashiyar ba ta dace da tambayar ba, kuma da gangan ne: ta mayar da zancen kan tafarkin gaisuwa. Maimaita amsa guda sau biyu ita ce alamar cewa an rufe ƙofa. Fuska ma tana nunawa, ta sunkuyar da kai ko ta dubi motar da za ta shiga, kuma Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska.

Matsin ya yi nauyi ne saboda matashiyar ba ta da mafita mai kyau. Ladabi ya hana ta ce wa babba ba ruwanki, kunya kuma ta hana ta zancen ciki da aure a bainar jama'a. Penelope Brown da Stephen Levinson, a littafinsu na 1987 kan ladabi a harshe, sun nuna cewa kowane mutum yana da buƙatar a bar shi ba tare da an tilasta masa ba. Tambayar Inna ta taka wannan buƙata, alhali matashiyar sallama kawai ta kawo.

Wannan ba ya nufin ba a taɓa wuce gaisuwa. Harvey Sacks ya lura a 1975 cewa a Turanci amsa ta tsaka-tsaki tana rufe zancen lafiya, amsa mara daɗi kuwa tana ba mai tambaya izinin neman dalili. Haka abin yake a Hausa. Idan aka ce "ina kwana" mutum ya amsa "da sauƙi", ya sanar cewa akwai rashin lafiya, kuma rashin tambayarsa jiki zai zama rashin kulawa. Haka ma "lafiya lau, sai dai..." gayyata ce. Kalmar "Lafiya?" ita kaɗai, ga wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da tsakar dare, tambaya ce ta gaske. Likita ma yana tambayar abin da maƙwabci ba zai tambaya ba, amma sai bayan an gama gaisuwa.

Ka'idar ita ce mai labari shi ke buɗe ƙofar labarinsa. Ɗalibin da zai fita tattara bayanai a ƙauye ya kiyaye wannan: wanda ya amsa sallamarka bai amince da tambayoyinka ba tukuna. Ka gaisa har ƙarshe, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nemi izini, sannan ka tambayi shekaru da yawan iyali. Idan amsa ta dawo "alhamdu lillahi" sau biyu, ka wuce zuwa tambaya ta gaba.