Motar Makaranta Ta Sauya Lokaci: Abin da Takardar Sanarwa Ta Kamata Ta Faɗa

Ranar Juma'a yaro ya dawo gida da 'yar takarda a cikin jaka, ta matse tsakanin littafin lissafi da robar abinci. Layi biyu ne kacal a jikinta: ana sanar da iyaye cewa daga mako mai zuwa motar makaranta za ta riƙa zuwa da wuri, da minti 15. Sai sa hannun hukumar makaranta. Wanda ya rubuta yana ganin ya sauke nauyi. Uwar da za ta tashi yara uku, ta ɗora ruwan wanka, ta dama koko, ta nemo safar da ta ɓata, ita ce ta san takardar ba ta gaya mata abin da take buƙata ba.

Kafin a ga inda takardar ta gaza, sai an fahimci yadda ake fitar da lokacin motar. Daga ƙarshe ake soma lissafin, a riƙa ja da baya. Idan ana buga ƙararrawar asambuli da ƙarfe 7:45, to ana so mota ta tsaya a ƙofar makaranta da 7:35, don yara su sauka, a ƙirga su, ƙanana su shiga ban ɗaki. Daga wannan lokacin ake cire tsawon tafiya tsakanin kowace unguwa da ta gaba, a cire minti biyu ko uku na tsayawa a kowace matsaya, har a kai ga yaron farko da za a ɗauka. Shi ne yake shan wahalar kowane sauyi.

Mu ɗauki misalin wata makaranta a wajen Zoo Road a Kano, mai bas ɗin Hiace guda. A zangon da ya wuce tana ɗaukar yaran Rijiyar Zaki da 6:45, na Kabuga da 6:57, na Gadon Ƙaya da 7:10, na Sharaɗa da 7:22, ta isa makaranta da 7:35. Sabon zango ya kama, aka yi wa yara huɗu rajista daga Ɗorayi. Ratsewa a ɗauko su, a dawo kan hanya, zai ci minti 15. Ƙararrawa ba za ta jira ba, don haka dole a soma da wuri: Rijiyar Zaki ta koma 6:30, Kabuga 6:42, Ɗorayi 6:56. To amma duba abin da ya faru daga nan. Mota za ta iso Gadon Ƙaya da 7:10, Sharaɗa da 7:22, daidai yadda take a da. Minti 15 ɗin da aka ƙara, ratsen Ɗorayi ya cinye su.

Ke nan takardar da ta ce mota za ta riƙa zuwa da wuri da minti 15 gaskiya ce ga unguwa biyu, kuskure ce ga sauran biyun. Mahaifiyar da ke Sharaɗa za ta fito da yarinya 'yar shekara biyar tun 7:07, su tsaya bakin titi cikin sanyin hunturu da ƙura har kwata guda. Ta yi haka Litinin, ta yi Talata, ranar Laraba ta yanke cewa motar nan dai ba ta cika alkawari, ta daina sauri. Daga nan yarda ta tafi. Ranar da aka yi sauyi na gaske a unguwarsu, ba za ta ɗauki takardar da muhimmanci ba.

Shi ya sa nake ganin duk sanarwar da ba ta jera lokacin kowace matsaya ba, ba ta kammala ba. A rubuta tsohon lokaci da sabon gefe da gefe, kuma inda ba a sauya komai ba a faɗa ƙarara cewa nan lokaci yana nan yadda yake. A kuma bayyana ko lokacin da aka rubuta na isowar mota ne ko na tashinta. Wannan ƙaramin bambanci shi ke haddasa yawancin cacar baki da direba. Uba ya fito da ɗansa 6:32 yana ganin bai makara ba, direba kuwa ya iso 6:27, ya yi hon, ya jira minti uku, ya ja mota. Sai a ji ana cewa, "Haba Malam, minti biyu kawai?" Shi kuma ya amsa, "Alhaji, in na jira kowa minti biyu, ƙarfe takwas za ta yi mana a hanya." Kuma bai yi ƙarya ba. Mota mai yara 18, ko rabinsu ne kowa ya ƙara minti biyu, an yi asarar minti 18, ga cunkoson da ke ƙaruwa da zarar ma'aikata da 'yan kasuwa sun fito.

Sai kalmar nan "mako mai zuwa". Ni kaina ta taɓa cutata. An ba 'yata takarda ranar Juma'a, ba mu buɗe jakar ba sai daren Litinin, bayan mun riga mun rasa motar da safe mun biya kuɗin A Daidaita Sahu. Ko da na karanta, sai na zaci sauyin na makon gaba ne, na ɗauka direba ne ya yi gaggawa, Talata ma muka sake makara. Takardar ba ta da kwanan wata ko ɗaya. Da an rubuta sunan rana da kwananta, a ce Litinin kaza ga wata kaza, da ba a kai ga haka ba. Juma'a ma ta yi latti wajen raba irin wannan takarda. A bayar tun Talata ko Laraba, a tuna ranar Juma'a, domin akwai gidan da sauyin kwata guda ke nufin a sake tsara wanda zai raka yaro bakin titi.

Yanzu yawancin makarantu ta WhatsApp suke tura saƙo, kuma yana da sauri. Matsalar ita ce sau da yawa lambar uba ce a zauren iyaye, alhali uwa ko yaya ko kaka ce ke shirya yara da asuba. Uban yana iya kasancewa a kan hanyar Legas, ko saƙon ya nutse ƙarƙashin barka da Juma'a guda hamsin. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a haɗa biyu: saƙon waya, da takarda mai ɗan gurbi a ƙasa da za a sa hannu a yage a mayar. Antin da ke raka yara a mota ta tattara su. Gidan da nasu bai dawo ba zuwa Alhamis, a buga musu waya.

Akwai abin da iyayen matsayar farko ke da haƙƙin tambaya. A watan Janairu rana ba ta fitowa a Kano sai wajen bakwai saura minti goma. Yaron Rijiyar Zaki da aka ce 6:30 zai fito gari bai gama wayewa ba, in ga hazo kuma direba ba ya hango nesa. Zai kuma shafe fiye da awa ɗaya a zaune a mota kafin ya shiga aji. Ya dace a tambayi makaranta ko za a matso da matsayar kusa da ƙofar gida ko gaban masallacin unguwa inda ake da mutane a wannan lokacin, ko kuma a juya tsarin da rana, wanda aka fara ɗauka da safe a fara sauke shi in hanya ta ba da dama. A kuma tambaya ko lokacin dawowa ya motsa, tunda yaran Ɗorayi ma sai an mayar da su gida, kuma yara da yawa suna da Islamiyya da la'asar.