Komawa aikin jinya bayan an raini yara

Ma'aikaciyar jinya da ta bar asibiti shekara 12 tana renon yara, cikas ɗinta na farko lasisi ne. Hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Nijeriya ba ta sabunta shi sai da shaidar halartar kwas ɗin ƙarin ilimi. Allurar da ta iya tana nan, amma asibitoci da dama yanzu a kwamfuta suke adana bayanan majiyyaci, dole ta koya.

Sannan ga shekaru. Sanarwar ɗaukar aiki kan ce kada a wuce 35, ita kuwa ta haura 40. A ganina wannan asara ce, domin wadda ta kwana da yaro mai zazzaɓi ta san fargabar uwa. Masu asibiti, ku gwada hannunta kafin ku duba takardar haihuwarta.