Minti ashirin sai kwamfuta ta ɗauke: yadda ake kama zafin katin hoto

Ƙorafin kusan iri ɗaya ne a wajen masu buga gem a kwamfuta. An kunna, komai lafiya lau, wasa yana tafiya sumul. Can bayan kamar minti ashirin sai hoto ya fara tsaitsayawa, fanka ta ɗau kuka, daga nan allo ya yi baƙi ko gem ɗin ya rufe kansa. Idan aka sake kunnawa nan take, ko minti biyar ba a yi sai abin ya maimaitu. Idan kuwa aka bar ta ta kwana, washegari ta sake ba da minti ashirin ɗinta cif.

Wannan tsarin lokaci shi ne babbar alama. Gem da ya lalace ko direban da bai zauna daidai ba sun fi yin ɓarna a wuri guda, ko tun daga farko, ba ruwansu da ko kwamfutar ta huta. Matsalar da ke jiran lokaci, kuma take saurin dawowa idan na'ura ba ta huce ba, zafi ake fara tuhuma.

Katin hoto shi ne ɓangaren da ke zana duk abin da ake gani a allo, kuma a lokacin wasa ya fi kowane ɓangare shan wuta. GTX 1060 na kamfanin NVIDIA, wanda ya fito a 2016, yana jan wat 120. RX 580 na AMD, na 2017, yana jan 185. Kusan duk wannan wutar zafi take komawa. Ƙarfen sanyaya da ke manne da cif ɗin yana kwashe zafin, fanka kuma ta hura shi cikin akwatin kwamfutar. A mintunan farko ƙarfen da iskar akwatin duk da sanyinsu, don haka suna shanyewa. Sannu a hankali iskar ciki ta ɗumame, idan babu hanyar fita sai fankar ta koma hura wa katin iskar da shi da kansa ya dafa. Abin da ke cin minti goma sha biyar zuwa ashirin ke nan.

A ƙasar Hausa lissafin ya fi tsanani, domin katin ba zai taɓa yin sanyi ƙasa da iskar ɗakin ba. Duk digirin da ya ƙaru a ɗaki, kusan shi ne ke ƙaruwa a katin. Katin da ke tsayawa a 72 a ɗaki mai digiri 22, idan aka kai shi Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, inda zafi ke haura 40, ya doshi 90 ba tare da komai ya lalace ba. Ƙurar hunturu kuma ta riga ta cika tsakanin haƙoran ƙarfen tun watannin baya.

Hanya mafi sauƙi ta duba zafin tana cikin Windows. Tun sabuntawar Mayun 2020 ta Windows 10, idan aka danna `Ctrl+Shift+Esc`, aka shiga `Performance`, aka zaɓi `GPU`, za a ga zafin katin a ƙasa. Mai katin NVIDIA yana iya buɗe `cmd` ya rubuta wannan, ta riƙa nuna masa zafin duk bayan daƙiƙa biyar:

```
nvidia-smi --query-gpu=temperature.gpu --format=csv -l 5
```

Sai dai a nan mutane da yawa ke yaudarar kansu. Da zarar an fita daga gem domin a duba, katin ya daina aiki, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi zafin ya faɗi da digiri goma ko fiye. Mutum ya ga 65, ya ce ai ba zafi ba ne. Abin da ake buƙata shi ne zafin daidai lokacin da na'urar ta faɗi, kuma wannan sai manhajar da ke rubutawa tana ajiyewa. GPU-Z, wadda kyauta ce, tana yin haka: a shiga `Sensors`, a yi alama a `Log to file`, a bar ta a buɗe, a koma wasa har kwamfutar ta ɗauke. Bayan an kunna sai a buɗe fayil ɗin a karanta layukan ƙarshe.

A ɗauka katin GTX 1060 ne na hannu. Kafin wasa `GPU Temperature` yana 48, fanka a tsaye. Wannan ba laifi ba ne, katuna da yawa ba sa juya fanka sai sun yi ɗumi. Minti biyar da fara wasa ya kai 76. A minti na goma sha biyu ya taɓa 83, sai `GPU Clock` ya fara sauka daga wajen 1800 zuwa 1500, domin irin wannan kati a 83 aka saita shi ya fara rage gudu don kare kansa. Tsaitsayawar hoton da mai wasa ke ji ke nan. Layin ƙarshe ya nuna 91, fanka tana ɗari bisa ɗari, alhali iyakar da NVIDIA ta sa wa katin 94 ce. Lafiyayyen kati yakan hau ya tsaya a wuri guda. Wanda ke ta hawa duk da ya rage gudu kuma fanka ta ƙure, zafinsa ba ya samun mafita.

Akwai layin da ya fi wannan tona asiri, wato `Hot Spot`, zafin wuri mafi zafi a kan cif ɗin. A al'ada yakan ɗara na farko da digiri goma zuwa ashirin. Idan tazarar ta kai talatin, to man da ake shafawa tsakanin cif da ƙarfen sanyaya ya bushe, ko ƙarfen bai zauna daidai ba. Kada dai a firgita da ganin lamba babba ita kaɗai: AMD ta ce a katunanta na RX 5700 wannan ma'aunin yana iya kaiwa 110 ba tare da ya wuce ƙa'ida ba. Sababbin katuna suna nuna zafin memori ma, kuma shi ne yakan jawo ɗige-ɗige masu launi a allo kafin faɗuwa.

Gwajin tabbatarwa ba ya cin ko kwabo. A cire murfin gefen akwatin, a saita fankar ɗaki tana hura ciki, a buga gem ɗin da ya saba faɗuwa. Idan aka yi awa guda lafiya, magana ta ƙare. Idan kuwa ta faɗi a lokacinta kuma rubutun bai wuce 75 ba, a sakar wa katin mara. Kwamfutar da ke mutuwa ɗif kamar an zare waya, ko ta tashi da kanta, ta fi nuna akwatin rarraba wuta ne ya gaza, shi ma zafi yana rage masa ƙarfi. A `Event Viewer` saƙon `Kernel-Power 41` yana nufin an mutu ba shiri kawai, bai faɗi dalili ba. Saƙo mai lamba `4101` kuwa na cewa direban hoto ya daina amsawa, Windows ta sake tayar da shi.

Gyara daga mai araha ake farawa. A kashe, a zare waya, a hure ƙurar da bulowa, amma a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. A tabbatar akwai fanka mai shigo da iska ta gaba da mai fitarwa ta baya, a kuma janye akwatin daga jikin bango ko cikin kabad. Idan an taɓa ƙara wa katin gudu, a mayar da shi yadda ya zo. Taƙaita gem a hoto 60 cikin daƙiƙa, musamman ga allon da ba ya nuna fiye da haka, yana sauke zafi sosai. Sauya man shafawa shi ne na ƙarshe, kuma ya fi dacewa da tsofaffin katuna, irin waɗanda suka cika kasuwa bayan an daina haƙar kuɗin Ethereum da su a Satumbar 2022. Buɗe kati yana iya soke garanti, kuma wanda bai saba ba gara ya kai wa mai gyara.

Mai shirin sayen kati na hannu kada ya yarda da gwajin minti biyu a shago. Ya sa a kunna gem mai nauyi na rabin awa da GPU-Z a buɗe, ya ga inda lambar ta tsaya kafin ya biya.