Ta'aziyyar Jaririn Da Aka Haifa Babu Rai

Idan mace ta haifi jariri babu rai, ko ta yi ɓari bayan ciki ya tsufa, mutane kan rasa abin faɗa. Sai ka ji ana cewa, “Kada ki damu, ai ke yarinya ce, za ki sake haihuwa.” Niyya mai kyau ce, amma maganar tana ciwo, domin tana nuna kamar wanda ya tafi ba kowa ba ne. Ita kuwa wata da watanni tana jin motsinsa. Kayan jarirai na nan a akwati, ga nono ya kawo bayan kwana biyu ko uku, babu mai sha.

Saƙon ta'aziyya ga irin wannan ƙawa ba ya buƙatar tsawo. Wata ta rubuta wa aminiyarta: “Ƙawata, na ji rasuwar ɗanki. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sa mai ceto ne, Ya ƙara miki lafiya. Ba sai kin amsa ba. Gobe da la'asar zan kawo miki kunun kanwa.”

Kalmar “ɗanki” ce ta fi taɓa ni, domin ta shaida cewa an yi ɗa, kuma uwa ce ta yi rashi. A guji tambayar ko ta je awo, ko ta ɗauki kaya mai nauyi; dama tana zargin kanta. Mijin ma a yi masa gaisuwa, don sau da yawa shi ya kai gawar makabarta. Ranar bakwai, da aka so a yi suna, a sake leƙa ta, ko da zama kawai za a yi.