Lambar Farko da Biya Sau Biyu: Yadda Masu Binciken Kuɗi Ke Zaɓen Takardun da Za Su Duba

A shekarar 1993 wata kotu a jihar Arizona ta Amurka ta kama wani manaja a ofishin ma'ajin jihar da laifin yunƙurin wawure kusan dala miliyan biyu. Cak 23 ya rubuta da sunan wani kamfanin bogi, kuma ya yi taka-tsantsan: bai maimaita adadi ɗaya sau biyu ba, bai rubuta adadi mai sifili a jere ba, har da canjin santi ya riƙa maƙalawa. Da masanin binciken kuɗi Mark Nigrini ya nazarci cak ɗin, sai ya ga fiye da kashi 90 cikin ɗari sun fara ne da 7, 8 ko 9, yawancinsu ƙasa kaɗan da dala dubu ɗari. Kuɗin da aka biya bisa gaskiya ba sa zuwa a haka.

Yawancin mutane na ɗauka cewa a cikin tarin adadi, lambobi 1 zuwa 9 za su riƙa zuwa a farko daidai wa daida. Wani masanin taurari, Simon Newcomb, ya gano a 1881 cewa ba haka ba ne, bayan ya lura shafukan farko na littattafan jadawalin lissafi sun fi na ƙarshe tsufa da datti. A 1938 Frank Benford, masanin kimiyya a kamfanin General Electric, ya gwada abin da adadi sama da 20,000, daga faɗin koguna zuwa yawan jama'ar garuruwa. Ƙa'idar da yanzu ke ɗauke da sunansa ta ce kusan kashi 30 cikin ɗari na adadin za su fara da 1, kashi 17.6 da 2, kashi 9.7 da 4, a yi ta raguwa har a kai 9, wadda ba ta kai kashi biyar ba.

Dalilin ba boyayye ba ne. Kafin jarin ɗan kasuwa ya tashi daga naira dubu ɗari ya kai dubu ɗari biyu, sai ya ninka kansa, don haka zai daɗe yana farawa da 1. Amma daga dubu ɗari tara zuwa miliyan ƙarin kusan kashi 11 kawai ake buƙata, nan da nan ya wuce 9 ya sake komawa 1.

Ga yadda odita ke amfani da wannan. A ɗauka wani kamfani ya biya masu kawo masa kaya sau 10,000 a shekara, lokacin da odita ke da shi kuwa bai wuce na duba takardu ɗari biyu ba. Zai karɓi jerin biyan gaba ɗaya daga na'ura, ya tabbatar jimillarsa ta yi daidai da ta babban littafin asusu, ya ware adadin da aka soke da ƙananan da ba su taka kara sun karya ba. Daga nan sai ya ciro lambar farko ta kowane adadi, a manhajar Excel da `=LEFT(B2,1)`, ya ƙirga. Ƙa'ida ta ce wajen 970 ne za su fara da 4. Shi kuwa ya tarar da 1,200.

Wannan ya nuna masa unguwar, bai nuna masa gidan ba, domin takardu 1,200 sun fi ƙarfinsa. Sai ya koma kan lambobi biyu na farko, daga 10 zuwa 99, inda rabon kowace ke fitowa daga `log10(1+1/d)`. Adadin da ke farawa da 49 ya kamata su kasance wajen 88 cikin 10,000, amma ya iske 310. Da ya tambaya sai aka ce masa duk biyan da ya kai naira 500,000 sai darakta ya sa hannu, na ƙasa da haka kuwa manajan sashe ya isa. Yanzu ya san inda zai sa ido. Zai jera biyan 490,000 zuwa 499,999 bisa sunan mai kawo kaya, da ranar biya, da jami'in da ya amince. In ya ga mutum ɗaya ya karɓi 495,000 sau uku cikin mako guda a kan aiki iri ɗaya, akwai alamar an daddatsa kwangila ɗaya ne don a kauce wa teburin darakta. Waɗannan takardun zai nema.

Gwaji na biyu ya fi sauƙin ganewa, kuma sau da yawa shi ke dawo da kuɗi a aljihu. Ana neman layuka biyu da suka yi tarayya a abu uku: mai kawo kaya ɗaya, lambar takardar neman biya ɗaya, adadi ɗaya. Da `=COUNTIFS(A:A,A2,B:B,B2,C:C,C2)` duk layin da ya ba da sama da 1 ya shiga jerin dubawa. Sai dai manhajojin lissafi da yawa kan hana irin wannan maimaici tun wajen shigarwa, saboda haka ƙwararren odita kan sassauta sharaɗi ɗaya. Zai nemi lambar takarda ɗaya da adadi ɗaya amma sunan mai karɓa daban, abin da ke faruwa idan an yi wa kamfani ɗaya rajista sau biyu, ko aka biya wanda ba shi ba sannan aka biya mai haƙƙin ba tare da an karɓo na farko ba. Zai kuma goge haruffa da sifilin gaba, domin a wurin na'ura `INV-0457` da `457` takardu biyu ne daban.

Galibi ba sata ce ke haddasa biya sau biyu ba. Mai kaya ya aiko takarda, kuɗi ya yi jinkiri, ya sake aiko kwafi, ma'aikaci na biyu ya shigar. Haka kuma kuɗin haya ko na masu gadi kan zo da adadi ɗaya kowane wata, kuma daidai ne. Abin da ke raba gardama shi ne takarda: odar saye, shaidar shigar kaya sito, da bayanan banki. In kaya sau ɗaya suka shigo, kuɗi kuma sau biyu suka fita, to an biya sau biyu, sai a nemi a mayar.

Ƙa'idar Benford ma tana da iyaka. Ba ta aiki a kan lambobin da aka raba wa mutane, irin na waya ko na asusun banki, ko adadin da aka yanka wa sama da ƙasa, kamar albashin mataki ɗaya ko alawus ɗin tafiya. Tana son adadi masu yawa da suka bazu daga ɗaruruwa zuwa miliyoyi. Kamfanin da ke sayen kaya ɗaya a farashi ɗaya kullum zai nuna tudu a wata lamba ba tare da laifin kowa ba, cak 23 na bogi kuwa suna iya nutsewa cikin biya dubu hamsin ba a ga ɓurɓushinsu ba.

Akwai kuma abin da odita ba ya mantawa da shi: takardun da ya zaɓo ta waɗannan gwaje-gwaje ba sa wakiltar sauran. In ya sami kuskure 20 a cikin 310 ɗin, ba zai ce haka sauran 9,690 suke ba. Shi ya sa yakan raba lokacinsa gida biyu, kashi ɗaya ga takardun da gwaji ya nuna, ɗayan ga waɗanda ya ɗebo ta hanyar ƙuri'a, kuma na biyun ne kaɗai ke ba shi damar yin magana a kan asusun baki ɗaya.