Tsakanin Tayi Da Sallama: Kuɗin Da Mai Ciniki Ke Biya Bai Sani Ba

Duk wanda ya taɓa kai ragonsa ko buhun geronsa kasuwar Gwandu ya san cewa kaya ba su da farashi guda. Akwai abin da mai saye ya taya, akwai kuma abin da mai kaya zai sallama a kai. Muddin ba su haɗu ba, sai a ce albarka, kowa ya kama gabansa. Amma akwai wani rukuni na 'yan kasuwa da sana'arsu ita ce su tsaya a tsakiya kullum, a shirye suke su saya, a shirye kuma suke su sayar da wannan kayan a sa'a guda. Irin waɗannan mutane suna riƙe da farashi biyu: na tayi, watau wanda suke saye da shi, da na sallama, watau wanda suke sayarwa da shi. Na sallama kullum ya ɗara na tayi, kuma ratar da ke tsakaninsu ita ce abincinsu.

Babu inda wannan rata ta fi fitowa fili kamar wajen 'yan canji. Jihar Kebbi tana iyaka da Jamhuriyar Nijar da ta Benin, inda ake kashe sefa, kuma hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi ta bi ta Kalgo da Bunza ita ce ke kai mutum Kamba, daf da garin Gaya. Saboda haka falke daga ƙasar Gwandu ba baƙon sefa ba ne. Tun da darajar Naira ta faɗi ƙwarai bayan Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin canji a watan Yuni na 2023, har ma'aikatan gwamnati da dama sun shiga tunanin ajiye ɗan abin da suka tara cikin kuɗin waje. Ga waɗannan ne lissafin ratar ya fi zama wajibi.

Misalin Malamin Makaranta

A ɗauki misali, da alƙaluman da aka zaɓa don sauƙin lissafi kawai. Wani malamin makaranta a Gwandu ya tara Naira 540,000, yana tsoron kada tsadar kaya ta cinye ta. Ya je wurin ɗan canji, aka ce masa sefa 1,000 ana sayar da ita Naira 2,700. Ya miƙa kuɗinsa, aka ƙirga masa sefa 200,000 cif. Ba a cire masa ko kwabo ba da sunan la'ada, ba a ba shi rasit mai nuna wani caji ba. A ganinsa ya musanya kuɗi da kuɗi ne kawai.

To, a ce kafin ya kai tasha aka aiko masa cewa an kwantar da mahaifiyarsa a asibiti, dole ya koma ya karɓi Nairarsa. Ɗan canjin nan zai karɓi sefar, amma a kan farashin tayi, a ce Naira 2,600. Sefa 200,000 ta koma Naira 520,000. Kasuwa ba ta motsa ba, Naira ba ta tashi ba, sefa ba ta faɗi ba, amma Naira 20,000 ta tafi. Wannan ya haura rubu'in mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da Gwamnatin Tarayya ta sa wa hannu a 2024.

Yadda ake auna ratar ba shi da wuya. A cire farashin tayi daga na sallama, a nan Naira 100 ke nan. Sannan a raba ta da farashin da ke tsakiyar biyun, watau Naira 2,650, a ninka sau ɗari. Abin da zai fito shi ne kusan kashi 3.8 daga cikin ɗari. Masana harkar kuɗi suna ɗaukar wannan farashi na tsakiya a matsayin mafi kusa da ainihin darajar kaya a lokacin. Bisa wannan, malamin ya biya rabin ratar ne sa'ad da ya saya, domin ya ba da 2,700 a kan abin da ya kai 2,650, ya kuma biya ɗaya rabin sa'ad da ya sayar. Ke nan ko da bai koma ya sayar ba, ya riga ya bar Naira 10,000 a teburin ɗan canji tun daga farko.

A nan ne yawancin mutane ke ruɗuwa. Bayan wata biyu malamin zai ji ana cewa sefa ta kai 2,780, ya yi murna ya ci riba. Alhali kuwa farashin da ake yayatawa a bakin mutane galibi na sallama ne, shi kuma da na tayi za a saya daga hannunsa. In ratar tana nan yadda take, 2,680 za a ba shi, har yanzu bai mai da uwar kuɗinsa ba. Sai ranar da tayi, ba sallama ba, ya wuce 2,700 sannan zai fara maganar riba.

Abin ya fi muni ga mai yawan shiga da fita. Wanda ya saya ya ajiye shekara guda sau ɗaya ya biya ratar. Wanda kuwa yake saye yana sayarwa duk bayan wata biyu, yana bin jita-jitar kasuwa, zai biya ta sau shida, watau wajen Naira 120,000 a shekara, fiye da kashi ɗaya cikin biyar na jarinsa. Da dillali ne ya nemi la'ada mai yawan haka, da an kai ƙararsa wurin sarkin kasuwa. Amma la'adar dillali ana faɗinta da baki, ana ƙirga ta a hannu, ita kuwa rata tana cikin farashin ne, shi ya sa ba a jin fitarta.

Me Ya Sa Ake Samun Ratar?

Ba daidai ba ne a ɗauka ɗan canji ɓarawo ne. Malaman fiƙihu sun halatta musayar kuɗi iri biyu mabambanta bisa farashin da aka yarda da shi, in dai hannu da hannu ne. Kuma akwai abin da yake sayarwa bayan kuɗin: yana sayar da gaggawa. Da babu shi, malamin nan sai ya yi ta yawo yana neman wani mai sefa 200,000 da ke bukatar Naira a wannan ranar. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Harold Demsetz, ya bayyana ratar da haka tun a 1968, cewa ladan biyan bukata nan take ce.

Wani kaso na ratar yana tafiya ga hayar rumfa, da yaran shago, da safarar tsabar kuɗi, da asarar jabun takardu. Amma babban abin da ke faɗaɗa ta shi ne kasada. Ɗan canjin da ya sayi sefa da safe bai san nawa za ta kai da yamma ba. In kasuwa tana kwance, masu saye da masu sayarwa suna zuwa bi da bi, kuɗi ba ya kwana a hannunsa, zai iya haƙuri da 'yar rata kaɗan. In kuwa al'amura suka rikice, kamar lokacin da aka rufe iyakar Nijeriya da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, mai hankali a cikinsu zai sauke tayi ya ɗaga sallama don ya kare kansa. Yana kuma tsoron wanda ya riga shi jin labari. Mutumin da ya zo da ɗimbin Naira yana neman sefa cikin hanzari, wataƙila ya san abin da ɗan canji bai sani ba. Asarar da yake tafkawa a hannun irin waɗannan, daga jikin sauran abokan ciniki yake fanshe ta.

Sai kuma yawan 'yan kasuwa. A Wapa ta Kano, inda 'yan canji suke jere, wanda ya tsawwala sai a wuce shi zuwa na gaba. A ƙaramin gari mai ɗan canji ɗaya ko biyu, ba mai tilasta musu su matse ratar.

Manomin albasa na Gwandu da Aliero ya san wannan a jikinsa. Albasa tana ruɓewa tana ramewa, saboda haka mai sari yana taya ta ƙasa ainun. Sai dai a nan a yi hattara: bambancin farashin Gwandu da na Legas ba rata ba ce duka, akwai kuɗin mota da na buhu da na dako a ciki. Ratar gaskiya ita ce ta kaya iri ɗaya, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya.

Abin Da Mai Ciniki Zai Iya Yi

Hanya mafi sauƙi ta gano ratar ita ce mutum ya tambayi farashi biyun tun kafin ya faɗi ko saye zai yi ko sayarwa. Ya kuma tambaya a kan adadin da yake so, domin farashin da aka ba mai sefa 10,000 ba lalle ya zama na mai miliyan biyu ba. Maniyyaci da ya sayi dala a gida sannan ya canza ta zuwa riyal a Makka ya tuna rata biyu ya biya. Riyal tana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, saboda haka dala 500 riyal 1,875 ce. In an ba shi a kan 3.70, riyal 25 ta zauna wurin mai canji.

A kasuwar hannayen jari ta Legas ma haka abin yake. Hannun jarin babban banki, da ake cinikinsa kowace rana, ratarsa 'yar kaɗan ce, na ƙaramin kamfani da ba a cika nema ba kuwa tana iya cinye ribar shekara. Mai saye yana iya umurtar dillalinsa da kada ya wuce wani farashi, ya jira mai sayarwa ya sauko. Haƙurin yana rage ratar, amma yana iya sa cinikin ya wuce shi ɗungum.

Hukuma takan sa baki. A watan Agusta na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya umurci 'yan canji masu lasisi da kada su sauka ko su hau fiye da kashi 2.5 daga cikin ɗari na matsakaicin farashin kasuwar hukuma na ranar da ta gabata. A watan Fabrairu na 2024 kuma, da ya sayar wa kowane mai lasisi da ya cancanta dala 20,000 a kan Naira 1,301, ya gindaya sharaɗin kada su ɗora fiye da kashi ɗaya daga cikin ɗari. Waɗannan ƙa'idoji masu lasisi suka shafa. Mai jaka a kafaɗa da ke canjin sefa a bakin tasha ba ya aika wa Babban Banki rahoton cinikinsa.